Kashi Ɗaya Cikin Ɗari, Amma Na Su Wa?

A ma'adinan kwal na Birtaniya, har zuwa 1986, mahaƙa kan shiga rami da kanari a keji. Iskar guba kan kayar da tsuntsun kafin ta kai ga mutum, sai a fito da gudu. Daga nan masu rubuta manhaja suka aro sunan: sabon gyara mai haɗari, a fara ba wa 'yan tsiraru, a zuba ido, sannan a faɗaɗa. Abin da ke sa hakan ya yiwu shi ne makunnin da suke kira tuta. Sabuwar hanya da tsohuwa duk suna cikin manhajar, kamfani ne ke zaɓar wadda za ta yi aiki daga nesa.

Rashin wannan mataki ya nuna kansa ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da CrowdStrike ya aika wa kowa gyara ɗaya a lokaci guda. An janye shi bayan minti 78, amma kwamfutoci kusan miliyan 8.5 sun riga sun durƙushe. Sai dai darasin da aka fi ɗauka daga nan, wato a fara da kashi ɗaya cikin ɗari, rabin magana ne.

A ɗauki misali na ƙiyasi. Wani kamfani yana da na'urorin POS 100,000, ciki har da na masu cire wa mutane kuɗi a Dogon Daji da ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe. Ya yanke shawarar rage jiran amsar banki daga daƙiƙa 60 zuwa 20, domin layi ya riƙa sauri. Ga yadda aka saba zaɓen 'yan gwaji:

```
from zlib import crc32

if crc32(str(terminal_id).encode()) % 100 < rollout_percent:
    timeout = 20
else:
    timeout = 60
```

Amfanin `crc32` shi ne na'urar da ta faɗa rukunin gwaji ta zauna a cikinsa, kada ta riƙa tsalle tsakanin hanyoyi biyu. Kashi ɗaya ya ba da na'urori 1,000. To, a ce biyu cikin ɗari ne kawai ke wuraren da sabis ke jan ƙafa: na'urori 20 ke nan. A birni amsa kan zo cikin 'yan daƙiƙu, don haka babu abin da ya sauya. A wurin waɗancan 20 kuwa, cinikin da ke faɗuwa ya tashi daga 5 cikin ɗari zuwa 30, galibi bayan an riga an zare kuɗin daga asusun mai kati. Idan ciniki ya zo daidai a kowace na'ura, jimillar rukunin za ta motsa da rabin maki kacal, abin da injiniya zai iya ɗauka hawa da saukar yau da kullum ne. Sai ya ƙara zuwa kashi 10, ya kai 50, ya cika. A nan na'urori 2,000 ne ke rigima da manomin da ya sayar da buhun gero, aka ce kuɗinsa sun fita amma ba su iso ba.

Kanarin da aka rataye a bakin rami ba zai shaƙi gubar da ke ƙasa ba. Najeriya ta ga irin wannan. INEC ta fara amfani da shafin IReV a zaɓen cike gurbi a jihar Nasarawa a Agusta 2020, ta kuma bi da shi ta zaɓuka da dama lafiya. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon 'yan majalisar tarayya ya hau, na shugaban ƙasa ya ƙi. Bayanin da hukumar ta bayar daga baya shi ne an tsara ma'ajiyar ne jiha-jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne. Ko mutum ya gamsu da bayanin ko bai gamsu ba, duk zaɓukan baya ba su taka wannan hanya ba.

Saboda haka rukunin gwaji zaɓarsa ake yi da gangan. A sa na'urorin karkara da tsofaffin samfura fiye da kasonsu, a auna su daban da na birni, a kwatanta su da takwarorinsu da ke kan tsohuwar hanya a rana guda. A kuma jira ranar kasuwa ta zagayo kafin a faɗaɗa, domin awa biyu na safiyar da babu ciniki ba su shaida komai. Akwai nauyi a nan: wanda aka sa a gaba bai nema ba, don haka mayar masa da kuɗin da suka maƙale ya kamata ya riga na kowa.

Ita kanta tutar tana da rauni a irin wannan wuri. Umarnin kashe ta ta sabis ɗin nan mai rauni zai bi, don haka na'urar da ta fi buƙatarsa ita ce ta ƙarshen samu. Maganin shi ne a ba tutar wa'adi: idan na'ura ta yi awa shida, misali, ba ta ji daga kamfani ba, ta koma daƙiƙa 60 da kanta.