Tsakanin Hutu da Hamal: Lissafin Burujin Haihuwa

Makon jiya 'yar yayata ta zo mini da wayarta a hannu da gardama a baki. An haife ta ran 20 ga Maris, 2001, a Kano. Wani jadawali ya ce burujinta Hutu ne, wata manhaja kuma ta ce Hamal, wato waɗanda allon waya ke rubutawa Pisces da Aries. Da abin ya tsaya nan da na yi dariya na wuce. Amma ƙawayenta sun fara raɗa mata cewa taurarinta ba su dace da na yaron da ke neman aurenta ba, har maganar ta fara shigarta. "Kawu, wanne ne nawa?" in ji ta.

Na fara gaya mata matsayina, kuma shi zan gaya wa mai karatu: ban yarda cewa tauraro na ƙulla aure ko warware shi ba, gaibu na Allah ne. Sai dai tambayar inda rana take a sararin sama a lokacin da aka haifi mutum tambaya ce ta lissafin falaki, tana da amsa guda, kuma wanda ya ga yadda ake samo amsar ba ya saurin ruɗuwa da abin da ake ɗorawa a kanta.

In ka lura da rana tsawon shekara, za ka ga kamar tana kewaya sama a kan hanya ɗaya. Masana sun raba wannan da'ira, mai daraja 360, gida goma sha biyu, kowane gida daraja 30. Kowane gida shi ne buruji. Rana na cin kusan daraja ɗaya a kwana, saboda haka takan yi kimanin wata guda a kowane gida. A tsarin Turawa, wanda jaridu da wayoyi ke bi, ana fara ƙirga daga lokacin da rana ta daidaita a kan tsakiyar duniya cikin watan Maris, sa'ad da dare da yini ke kusan zama ɗaya. Nan ne ƙofar Hamal. Burujinka kuwa shi ne gidan da rana take ciki a sa'ar da ka faɗo duniya.

Ga mafi yawan mutane jadawali ya wadatar. Hamal na farawa wajen 21 ga Maris, Sauru 20 ga Afrilu, Jauza'u 21 ga Mayu, Saraɗan 21 ga Yuni, Asad 23 ga Yuli, Sumbula 23 ga Agusta. Mizan na kamawa daga 23 ga Satumba, Aƙrab 23 ga Oktoba, Ƙausu 22 ga Nuwamba, Jadyu 22 ga Disamba, Dalwu 20 ga Janairu, sai Hutu 19 ga Fabrairu. Wanda aka haifa ran 5 ga Agusta ɗan Asad ne a kowace shekara, ba ya buƙatar wani bincike. Matsalar tana ga waɗanda ranar haihuwarsu ta faɗa tsakanin 18 da 24 ga wata, domin kalmar nan "wajen" da na sa a farkon jerin ba ado ba ce.

Dalilin yana cikin tsawon shekara. Kalanda ta ce kwana 365, amma rana ba ta komawa ƙofar Hamal sai bayan kwana 365 da awa 5 da minti 49, kusan. Don haka kowace shekara iyakar na jinkirta da kusan awa shida, har a kai shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29, wadda ke ja da ita baya da kwana guda. Dubi shekarun da ke kewaye da haihuwar yarinyar nan, da agogon Najeriya. A 2000 rana ta shiga Hamal ran 20 ga Maris da ƙarfe 8:35 na safe. A 2001 sai 2:31 na rana. A 2002, 8:16 na dare. A 2003 ta tsallaka zuwa 21 ga wata, ƙarfe 2 na dare. A 2004 kuma ta dawo 20 ga wata, 7:49 na safe. Jadawalin da ya rubuta 21 ga Maris ya dace da shekara ɗaya kacal cikin biyar ɗin nan.

Da muka kai nan sai na ce mata ranar haihuwa ba ta isa ba, sai da sa'a. Takardar haihuwarta ba ta rubuta lokaci ba, kamar yawancin takardunmu. Muka buga wa mahaifiyarta waya. Iyayenmu mata ba kasafai suke riƙe ƙarfe nawa ba, amma ba sa mance kiran salla. Yaya ta ce tana kan gwiwa aka kira la'asar, kafin magariba ta sauka. La'asar a Kano cikin Maris tana wajen ƙarfe huɗu, iyakar kuwa 2:31 ce. Ashe yarinyar ta zo ne bayan rana ta shiga Hamal da 'yan sa'o'i. Manhajar ce ke da gaskiya, jadawalin ya yi kuskure. Jaririn da aka haifa a ɗaki ɗaya da ita da hantsin wannan rana, shi ɗan Hutu ne. Da Yaya ta ce tsakanin azahar da la'asar ne, da sai mu haƙura, domin iyakar ta faɗa daidai wannan tsakanin.

Akwai tarko biyu da ke kama masu yin wannan lissafi da kansu. Na farko agogo ne. Littattafan falaki na ba da lokaci ne da agogon GMT, wanda shi ne na Ghana. Mu da Nijar sai mun ƙara awa ɗaya. A 2011 rana ta shiga Hamal da 11:21 na daren 20 ga Maris a Kumasi, amma a Kano wannan lokacin 12:21 ne, an riga an shiga 21 ga wata. Na biyu shi ne wanda aka riƙe masa haihuwarsa da watan Musulunci. Dole a mayar da ita kalandar Miladiyya, kuma mayarwar kan iya zamewa da kwana guda, saboda bambancin ganin wata da kuma cewa kwananmu daga faɗuwar rana yake farawa. Ga mai haihuwa a tsakiyar buruji wannan ba kome ba ne, ga na bakin iyaka kuwa shi ne duka maganar.

Ta tambaye ni ko tana iya zama rabi Hutu rabi Hamal, kamar yadda wasu ke faɗa wa 'yan bakin iyaka. Na ce a lissafi babu wannan. Tsakiyar ƙwallon rana ake aunawa, kuma ɗigo ɗaya ba ya zama gida biyu a lokaci ɗaya.

Sannan na ƙara mata abin da ya sa ta yi shiru. Masu duban taurari na Indiya suna auna gidajen nan daga taurarin kansu, kuma saboda ƙofar Maris na zamewa baya da kusan daraja ɗaya a shekara 72, tazarar tsarin biyu ta kai kimanin daraja 24 yanzu. A wajensu rana ba ta shiga Hamal sai tsakiyar Afrilu, don haka ita 'yar Hutu ce ba tare da gardama ba. Na ce ta koma ta tambayi ƙawayenta da wane tsari suka auna yaron, kuma ko sun san sa'ar haihuwarsa. Shekaranjiya ta aiko mini saƙo: takardarsa ta ce 1 ga Janairu, amma shi da bakinsa ya gaya mata ranar da aka kai shi firamare ne malami ya zaɓa masa ita.