Raddi Ga Mai Cewa Wasan Kwaikwayo Ba Ya Daɗi Sai An Taɓa Ƙabila

Dalilin wannan rubutu shi ne wata magana da wani ɗan'uwanmu malami ya yi a nan Mai Wurno, sa'ad da samari suka shirya ɗan gajeren wasan ban dariya a kan masu cin bashin shail domin bikin suna, suka kai masa takardar ya duba, shi kuwa ya ce wasan lami ne, sai in an mai da mai cin bashin mutumin wata ƙabila sananniya, an ba shi karin harshenta da irin tufarta. Ya kafa hujjoji huɗu, kuma da yake shi mutum ne mai ilmi wanda ake jin maganarsa, ya wajaba a bi su ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabin saɓani.

Hujjarsa ta fari ita ce, wai hali ba shi da fuska, ba ya kuwa yiwuwa a fito da ƙarya ko alfahari fili ana kallo, saboda haka dole marubuci ya ari fuskar wasu mutane da aka riga aka sani da abin. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, amma natijar da ya fitar ba ta bi muƙaddimarta ba, gama abin da hali yake bukata shi ne mutum guda, mai suna, mai buri, wanda halin nan zai ja shi mataki mataki har ya kā da shi. Ga yadda samarin suka tsara nasu. Ilu manomi ne da yake sa ran buhu ashirin na dawa, an yi masa haihuwa saura wata biyu girbi. A fitowa ta farko ya je wurin mai kanti ya karɓi kuɗin rago a kan buhu biyar, kowane buhu a rabin kuɗin da zai yi a kasuwa, wanda shi ne ainihin shail kamar yadda kowane manomin Jazira ya san shi. A ta biyu ya ji labarin maƙwabcinsa ya yanka raguna biyu, ya koma ya ƙara biyar. A ta uku maroƙi ya tsaya ƙofar gida ya ce ɗan wane ba ya yanka abin da ba shi da tozo, Ilu ya kumbura, ya dangwala hannu a kan goman da suka rage ya jawo sa. A ta huɗu an yi girbi, an kwashe masussuka tas, sai ga Ilu da ƙwarya a kanti yana awon dawar tuwon dare, yana duban buhun da ake ɗiba, ya shaida facin da matarsa ta yi masa da baƙin zare. Da ya waiwaya kuma, sai ya ga maƙwabcin nan mai raguna biyu a bayansa, shi ma da tasa ƙwaryar, kowa yana ɓoye ta a hammata. To, ina wurin da aka bukaci sanin asalin Ilu a cikin wannan duka? Fuskar da malam yake nema ga ta nan, kuma halin ne da kansa ya sassaƙa ta.

Hujja ta biyu, wai jama'a ba sa dariya sai sun ji an karya harshe, an kwaikwayi yadda wasu suke furta Hausa ko Larabci. Ba mu musun cewa ana yin dariya a kan haka, sai dai muna tambaya, dariyar me ake yi? Akwai gwaji mai sauƙi da kowane marubuci zai iya yi kafin ya raba wa 'yan wasa takarda: ya sāke asalin mutumin da ke cikin wasan, ya mai da Bahaushe Bafulatani, ko Babarbare, ko Balarabe, sa'an nan ya sake karantawa daga farko. Idan abin dariyar yana nan daram, to, a kan hali aka gina shi. Idan kuwa ya zube, to, dā ma mutane ake yi wa ba'a, an fake da sunan gyara. Wasan Ilu ya ci wannan jarrabawa, domin ko wane ne ya tsaya yana sayen dawarsa da kuɗin bashi, za a dara. Akwai kuma wata ɓarna da karya harshe take yi wa wasan kansa, wadda malam bai lura da ita ba. Da zarar ɗan wasa ya buɗe baki da karin wata ƙabila, duk wanda ba ɗan ƙabilar ba ne ya sami mafita, ya gyara zama, ya ce da su ake, alhali kuwa watakila dawarsa tana rubuce a littafin mai kanti tun kafin ta fid da kai. Su kuma waɗanda aka kwaikwaya fushi ya toshe musu kunne. Sai a tashi babu wanda nasihar ta shiga, ga shi an sayi gaba a banza. Saboda haka ƙa'idar ita ce a bar kowa a wasan ya yi magana da harshen da 'yan kallo suke yi a gidajensu, a nemi abin dariya a tsakanin abin da mutum yake faɗa da abin da ake ganin yana aikatawa, kamar inda Ilu yake rantsuwa shi ba ya gasa da kowa, idonsa kuwa yana kan katanga yana ƙirga fatun maƙwabci.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma ita ta fi cancantar a tsaya mata. Ya ce ai mun gāji barkwanci tun kaka da kakanni, Fulani da Barebari suna yi, Katsinawa da Nufawa suna yi, Kanawa da Zagezagi suna yi, ba a taɓa jin an zub da jini ba. Kuma a tashen watan azumi a ƙasar Hausa har maganar Gwari yara suke kwaikwaya. Jawabi shi ne, barkwanci yana da sharuɗɗa waɗanda wasan kwaikwayo ba ya iya cika su. Ana yinsa ne ido da ido, tsakanin mutum biyu da al'ada ta riga ta ƙulla musu wasa, kuma wanda aka jefa yana da haƙƙin ramawa nan take, har sau da yawa shi ke yin galaba. A dandali kuwa gefe guda ne ke magana, ɗayan yana zaune cikin taro ba shi da bakin ramawa, takardar kuma tana tafiya, a yi ta yau a nan, gobe a Sannar ko Madani, gaban mutanen da ba su san wata alaƙar wasa ba, sai su ɗauki abin a matsayin shaida. Game da tashe kuma, ba duk abin da aka gāda ba ne hujja, kuma wasanninsa da suka fi ma'ana, irin su Jatau mai magani, cika baki da yaudara suke yi wa dariya, abin da mutum zai iya tuba ya bari. Mai alfahari yana iya kwana ya tashi ya daina, amma babu mai iya sauya uban da ya haife shi, to, mene ne amfanin zargi a kan abin da ba shi da tuba?

Mu kuwa mutanen wannan gari mun fi kowa cancantar fahimtar haka. Kakanninmu sun baro Yamma ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har gaɓar kogin da garin nan yake, Fulani da Hausawa da wasunsu cikin ayari guda. Da aka gama madatsar Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai alhazai da 'yan ci-rani suka ƙaru, aka cakuɗa, aka yi auratayya. Kowa a cikinmu ya san ɗacin a tara mu duka a ƙarƙashin laƙabi guda, a kwaikwayi Larabcinmu a kasuwa ana shewa. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya koya wa 'ya'yansa su shayar da maƙwabci irinsa ba.

Hujja ta huɗu ta fiƙihu ce: wai giba ba ta tabbata sai an ayyana mutum, tun da kuwa ƙabila ba mutum ɗaya ba ce, babu laifi. Wannan ƙiyasi ya kauce wa nassi, domin aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta zo ne da hana wasu mutane yi wa wasu mutane izgili, da hana jifan juna da munanan laƙabai, wato jama'a ta ambata tun kafin a zo kan mutum ɗaya. Ko da an sallama masa cewa ba giba ba ce, ai ba ta kuɓuta daga zama izgili ba. Imam Gazali kuma, a cikin Ihya'u, inda ya yi bayanin aibobin harshe, ya lissafa kwaikwayon tafiyar mutum ko maganarsa domin a wulaƙanta shi cikin abin da aka hana. Hanyar da sunna ta nuna ita ce wadda samarin suka bi, gama an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya ga abin ƙi yakan ambaci aikin a gaban jama'a ba tare da kama sunan mai shi ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗi inda wannan hanya take da haɗari, musamman a gari irin namu da kowa ya san kowa. Wasan da aka ce na hali ne yana iya rikiɗewa ya zama habaici, idan marubuci ya ɗauko labarin mutum guda da sana'arsa da unguwarsa, ya sauya suna kawai. Alamarsa kuwa bayyananna ce: in aka ga a wurin gwaji 'yan wasa suna ƙyafta ido suna raɗa sunan wani, ko 'yan kallo duk sun juya suna duban mutum ɗaya, to, an faɗa cikin giba. Maganinsa shi ne a haɗa mutumin wasan daga al'amuran mutane da yawa, a raba halin ga fiye da ɗaya kamar yadda aka sa maƙwabci ya zo da tasa ƙwaryar, kuma kada a mai da mai kanti dodo, a bar shi yana rubutu a littafinsa kurum, domin kibiyar ta tsaya a kan gasar da ta kai Ilu wurinsa.

Saboda haka hukuncinmu shi ne takardar samarin ta inganta yadda take, kada a ƙara mata ƙabila ko karin harshe. Muna roƙon ɗan'uwanmu malam, Allah ya ƙara masa sani, ya gwada sauya asalin Ilu da kansa ya karanta, in ya ga dariyar ba ta ragu ba, ya sa musu albarka su fita da wasansu. Allah shi ne mafi sani.