Cacar ƙwallo ana cikin wasa: kafin ka ga ci a waya, farashi ya riga ya canza

A ranar 3 ga Fabrairun 2024, a filin wasa na Bouaké, Mali ta samu duk abin da mai caca ke so ya gani kafin ya zuba kuɗinsa. An bai wa Odilon Kossounou na Kodibuwa jan kati a minti na 43, Mali ta koma da mutum goma sha ɗaya a kan goma. A minti na 71 kuma Nene Dorgeles ya zura ƙwallo. Duk wanda ya ɗauki wayarsa a wannan lokaci ya zaɓi Mali, a ganinsa kuɗi ne a ƙasa. Sai Simon Adingra ya farke a minti na 90, Oumar Diakité ya ƙara ta biyu a ƙarshen ƙarin lokaci, masu masaukin baƙi suka wuce zagayen kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka.

Irin wannan caca da ake yi ana tsaka da wasa ta fi tsohuwar takardar da ake cikewa kafin a take leda jan hankalin matasa, domin tana sa mutum ya ji kamar idonsa ne ke yi masa aiki. Ya ga an ci, ya ga an kori ɗan wasa, sai ya yi sauri ya danna kafin kamfani ya farga. Matsalar ita ce kamfanin ya riga shi gani, kuma farashin da ke gabansa a waya ya riga ya haɗiye labarin.

Lambar da masu caca ke kira kot ita ce farashin. Idan kot ya nuna 2.00, wanda ya zuba jika ɗaya zai karɓi jika biyu in ya ci. Idan aka raba ɗaya da kot, za a samu damar da kamfanin ke lissafawa: 2.00 na nufin kashi 50 cikin ɗari, 4.00 na nufin kashi 25. Da zarar an soma wasa, na'ura ce ke sabunta wannan lamba, tana duba sakamakon da ake ciki, da mintocin da suka rage, da yawan ƙwallayen da ake sa ran kowace ƙungiya za ta ci a sauran lokacin.

A ɗauki misalin lissafi, na ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya, a wasan da ake sa ran ƙwallaye 2.6 gaba ɗaya, wanda bai yi nisa da abin da ake gani a manyan gasannin Turai ba. An kai minti na 70 babu ci. A sauran lokacin, damar a tashi canjaras ta kai kusan kashi 60, kowace ƙungiya kuma tana da kashi 20 na yin nasara. Farashin gaskiya na nasarar ƙungiya ɗaya zai zama 5.00, amma kamfani ba zai biya haka ba. Zai iya sa 4.60 ga kowace ƙungiya, 1.58 ga canjaras. Idan aka mayar da waɗannan lambobi uku zuwa kaso aka tara, za su ba da kusan 107 maimakon 100. Bakwai ɗin da ke sama ita ce ribar gidan caca.

Yanzu ƙungiya ɗaya ta ci. Damarta ta tashi daga kashi 20 zuwa 80, canjaras ya faɗo zuwa kusan 17, wadda aka ci ta rage da kashi 3 kacal. Kot ɗin da yake 4.60 sakan kaɗan da suka wuce zai dawo wajen 1.18. Wanda ya zuba jika ɗaya a sabon farashin, ribarsa sefa 180 ce. Idan ya yi irin wannan sau goma, lissafi ya nuna zai ci sau takwas ya karɓi 9,440, alhali ya zuba 10,000. Ya yi daidai sau takwas cikin goma, amma ya tashi da asarar 560. Da a minti na 10 aka ci wannan ƙwallo, damar za ta tashi ne daga kusan kashi 36 zuwa 64 kawai, saboda akwai sauran minti tamanin da komai zai iya faruwa. Lokacin da aka ci ƙwallo yana motsa farashi kusan kamar ita kanta ƙwallon.

To, tsakanin 4.60 da 1.18 ne mafarkin mai sauri yake: ya kama tsohon farashi bayan an ci. Abin da ke hana shi shi ne hanyar da labari ke bi. Manyan kamfanonin tattara bayanan wasanni irin su Sportradar da Genius Sports da Stats Perform suna da mutane a cikin filaye, waɗanda ke danna na'ura da zarar abu ya faru, labarin ya isa gidajen caca cikin sakan ɗaya ko biyu. Ba ci kaɗai suke aikawa ba. Harin da ke da haɗari, bugun fenariti, alƙalin wasa ya nufi akwatin VAR, duk suna sa a rufe kasuwa nan take, wani lokaci tun ƙwallo ba ta shiga raga ba.

Hoton talabijin na tauraron ɗan adam yana zuwa ne bayan wasu sakanni. Wanda ke kallo ta intanet a waya, jinkirinsa yakan kai rabin minti, wani lokaci ya wuce minti guda, balle idan rezo na yankewa ko shafin da yake kallo ma daga wani wuri ya kwaso hoton. Duk wanda ya taɓa jin ihun gidan kallo na maƙwabta alhali a wayarsa ana shirin bugun kusurwa ya san wannan tazara. Ɗan ci-rani da ke bin wasa a waya daga Aljeriya ko Libiya ko Legas, shi ne galibi na ƙarshe a wannan layi. Gwajin ba shi da wuya: a kwatanta agogon wasa da ke kan hoton da wanda ke cikin manhajar caca, bambancin shi ne girman jinkirin.

Ko da mutum ya danna a kan lokaci, akwai wani shinge. Gidajen caca ba sa karɓar kuɗi nan take idan ana cikin wasa. Sukan riƙe buƙatar na wasu sakanni, sau da yawa biyar zuwa goma. Idan wani abu ya faru cikin wannan jira, a ƙi karɓa ko a nuna sabon farashi. A manhajoji da dama akwai wurin da mutum ke amincewa tun farko da duk canjin kot, kuma wanda ya kunna shi zai iya danna 4.60 ya tarar an rubuta masa 1.18. Sannan ƙa'idojin da ake amincewa da su lokacin buɗe asusu, waɗanda ba kowa ke karantawa ba, sukan ba kamfani ikon soke duk cacar da aka shigar bayan abu ya riga ya faru. Wato ko an dace an kama tsohon farashin, ana iya mayar wa mutum da jikarsa kawai.

Akwai masu cin wannan tazara da gaske, amma a cikin fili suke zaune. A Janairun 2014 ƴan sanda a Melbourne sun kama wani ɗan Birtaniya a gasar tanis ta Australian Open bisa zargin aika sakamako daga kujerarsa kafin hoto ya isa talabijin, daga baya aka janye tuhumar. Wanda ke zaune a fada a Zinder da waya a hannu yana ɗaya ƙarshen igiyar.

Jan kati ya fi ci ruɗarwa, domin bai canza sakamako ba, ƙarfi ya canza. Na'ura tana rage ƙwallayen da ake sa ran masu mutum goma za su ci, ta ƙara wa abokan karawarsu. Girman canjin ya danganta da lokacin da ya rage da kuma wanda ke gaba: kora a minti na 20 ana canjaras tana girgiza farashi sosai, kora a minti na 85 ga ƙungiyar da ke gaba da ci biyu kusan ba ta motsa komai. Ido kuwa yakan kambama abin. Mai kallo ya ga ɗan wasa ya fita, sai ya ɗauka wasa ya ƙare, alhali ƙungiyar da aka rage wa mutum takan koma baya ta toshe gida, koci ya cire ɗan gaba ya sa mai tsaron baya. Kodibuwa ta yi fiye da minti arba'in da biyar na lokacin wasa da mutum goma, ƙwallo ɗaya kawai aka zura mata a ciki.

Wasan na Bouaké yana da wani darasi da ya fi ɗaci. Cacar wanda zai yi nasara, wadda ake rubutawa 1X2, ana yanke ta ne a kan minti 90 da mintocin da alƙali ya ƙara, ban da ƙarin lokaci na rabin awa da bugun daga kai sai mai tsaron gida. An cika minti 90 ana 1 da 1. Wanda ya bi Mali bayan jan kati ya faɗi. Wanda ya yi ƙarfin hali ya bi Kodibuwa a wannan kasuwa shi ma ya faɗi, duk da cewa ita ta wuce. Canjaras kaɗai aka biya.

Kwana huɗu bayan haka, a wannan fili dai, VAR ta nuna nata. Najeriya na gaban Afirka ta Kudu da ci ɗaya na fenaritin William Troost-Ekong, sai Victor Osimhen ya zura ta biyu wajen minti na 85. Ga mai kallo, magana ta ƙare. Alƙali ya je ya duba hoto, ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ketar da aka yi wa Percy Tau a ɗaya ragar kafin harin, Teboho Mokoena ya farke. Cikin ƴan mintoci 2 da 0 ta koma 1 da 1. A irin wannan lokaci kasuwa a rufe take, har da maɓallin da ake kira cash out, wanda ke ba mutum damar karɓar wani kaso na kuɗinsa ya fita kafin a tashi. Maɓallin yana aiki ne da farashin da ake ciki, an kuma cire ribar kamfani a kai, don haka yakan ɓace daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Wanda ya riƙe takardar nasarar Najeriya ya ga ci na biyu, ya nemi fita bai samu ba, da aka sake buɗewa kuma tayin ya zube. Najeriya ta wuce da 4 da 2 a bugun fenariti, amma takardarsa ta mutu tun minti na 90.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne ga masu karatu a Maradi ko Tahoua ko Yamai, kuma bai hana manhajojin shiga wayoyin matasa ba. Abin da cacar cikin wasa ta ƙara shi ne yawan damar zubawa. Takardar da aka cike kafin wasa sau ɗaya ake biyan ribar kamfani a kanta. A cikin wasa kuwa, bayan kowane ci da kowane kati ana buɗe sabon farashi, wanda ya faɗi a minti na 71 yana iya neman ramawa a na 80, ya sake a na 88, kuma kowane dannawa yana ɗauke da nasa kason na gidan caca. Mutumin da ya juya jika ɗaya sau biyar a wasa guda, a ribar kamfani ta kashi 6 ko 7, a matsakaici ya bar sama da sefa 300 kafin alƙali ya hura tashi.