Sharhi: Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo a wasan bidiyo

Sharhinmu na yau ya shafi masu ƙirƙirar wasannin bidiyo da mutanen da suke mantawa da su.

A wasan Among Us, wanda ya yi tashe a 2020, akwai aikin haɗa wayoyin lantarki guda huɗu: ja, shuɗi, rawaya da ruwan hoda. Ɗan wasa zai jawo kowace waya ya haɗa ta da mai launinta. Aikin daƙiƙoƙi ne, amma ga wanda idonsa ba ya kama ja sosai, lamarin ya zama canki-canka. Dalili kuwa, wannan ruwan hodar gaurayen ja da shuɗi ne. In jan ya dusashe a ido, shuɗin ne ke saura, sai wayoyi biyu su zama kamar ɗaya. Yawanci gadon wannan matsala ake yi, kuma ta fi kama maza nesa ba kusa ba.

Kamfanin Innersloth da ya ƙirƙiri wasan ya gyara ta hanyar sa wa kowace waya alamarta, yadda mai wasa zai bi siffa ko da launin ya rikice masa. Wannan ya fi abin da wasu ke yi, wato su rina fuskar wasan gaba ɗaya su ce sun tanadi tsarin masu matsalar launi. Rinin kan raba launuka biyu, ya kuma haɗe waɗansu biyun. Gwada ko wasa ya dogara da launi kaɗai ba wuya: a ɗauki hoton wasan a mayar da shi baƙi da fari. In an kasa bambance abokin gaba da abokin tafiya, to launi kaɗai aka ɗora wa saƙon.

Haka batun girman rubutu. A 2006, masu tsohuwar talabijin sun koka cewa rubutun wasan Dead Rising ba ya karantuwa, don an tsara shi ne da sabbin talabijin masu kaifin hoto. Ƙara girman kuma ba ya wadatarwa in akwatin da rubutun ke ciki ba ya faɗaɗa, domin ƙarshen jimla zai yanke.

Maɓallai ma haka ne. Mai hannu ɗaya yana bukatar ya mayar da tsalle kan maɓallin da yatsansa ke kaiwa. In an ba shi dama amma umarnin da ke fitowa a allo yana ci gaba da nuna tsohon maɓalli, an yi rabin aiki.

Shi ya sa muke cewa tun ran gini, ran zane. Wanda ya ɗaure kowane aiki da maɓalli guda, ya kuma yanka akwatuna daidai da ƙaramin rubutu, sai ya warware aikinsa kafin ya gyara. A sa waɗannan zaɓuɓɓuka a tsarin farko, a kuma ba masu larurar su gwada kafin wasa ya shiga kasuwa.