Gishiri ya yi tsada ana ta saye, jif ta yi tsada tana shan ƙura: me ya bambanta su?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, aka kuma saki Naira a watan Yuni, babu kayan da bai tashi ba. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan kusan Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Amma abin da na lura da shi a nan Legas shi ne, tsadar ba iri ɗaya ta yi wa 'yan kasuwarmu ba. Wani ya ƙara kuɗi cinikinsa bai girgiza ba, wani ya ƙara ya koma zaman hamma.

Mutum biyu nake zama da su a Agege. Ɗaya mai shagon kayan masarufi ne, ɗayan dillalin motocin tokumbo. Mai shago ya ce mini, "Malam, gishiri ko nawa ya kai sai an saya. Za a yi mita, amma a ƙarshe a miƙo kuɗi." Shi kuwa dillali cewa ya yi, "Alhaji zai zo ya zagaya jif sau uku, ya ji kuɗi, ya ce bari dala ta sauka. Shi ke nan, ba ka ƙara ganinsa." Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma masana tattalin arziki suna da ma'aunin da suke auna wannan bambanci da shi.

Ma'aunin ba shi da wuya. Ka duba kashi nawa cikin ɗari farashi ya ƙaru, ka duba kashi nawa cikin ɗari ciniki ya ragu, sai ka raba na cinikin da na farashin. Bari in ba da misali da alƙaluman da na ƙirƙira don sauƙin lissafi. Mu ce ledar gishiri ta tashi daga Naira 200 zuwa 300, ƙarin kashi 50 ke nan. Shagunan unguwa da ke sayar da leda 100 a mako suka koma sayar da 95, wato ragin kashi 5. In ka raba 5 da 50 za ka sami 0.1. Kuɗin da ke shigowa kuwa ya tashi daga Naira 20,000 zuwa 28,500.

Yanzu mu ɗauki jif da ta tashi daga miliyan 40 zuwa miliyan 60, shi ma ƙarin kashi 50. Dillalin da ke sayar da guda 10 a wata shida ya koma sayar da 3, ragin kashi 70. Raba 70 da 50, ka sami 1.4. Kuɗin cinikinsa ya faɗi daga miliyan 400 zuwa miliyan 180, alhali kowace mota ta fi da tsada. Ƙa'idar ita ce: in amsar ta gaza 1, ɗan ƙarin farashi yana ƙara kuɗin da ke shigowa. In ta haura 1, ƙarin farashi rage shi yake yi.

To me ya sa haka? Na farko, nauyin kayan a aljihu. Ledar gishiri ɗaya takan kai gida makonni, saboda haka ƙarin Naira 100 bai kai kuɗin motar zuwa Oshodi ba. Mota kuwa, ko ga mai hali, miliyan 20 kuɗin fili ne ko jarin wata sana'ar. Na biyu, madadi. Miya ba ta yiwuwa ba gishiri, kuma ko ya yi araha ba wanda zai ninka shi a tukunya. Mai neman jif kuwa yana iya sayen ƙaramar mota, ko wadda aka yi amfani da ita a nan gida, ko ya kai tsohuwarsa gareji a yi mata fenti. Na uku, jira. Tuwon dare ba ya jiran dala ta sauka, amma sayen mota ana iya ɗaga shi shekara guda ba abin da zai faru. Ga shi kuma tokumbo dala ta kama ta ta fuska biyu: da dala ake sayo ta, kuma kuɗin fiton kwastan da farashin dala ake lissafa shi.

Sai dai a nan ne 'yan uwa da yawa ke yin kuskure. Mutum ya ji an ce kayansa na dole ne, sai ya ɗauka yana iya sa kuɗin da ya ga dama. Gishiri ne ba shi da madadi, gishirin shagonka yana da shi: na maƙwabcinka. In duk kasuwa na sayarwa 300 kai ka ce 350, matar da ta zo saye taku biyar za ta yi ta saya a gaba, kuma ta haɗa da magi da man gyaɗan da ta yi niyyar saye a wurinka. Lissafin 0.1 ɗin nan yana aiki ne in farashin ya tashi wa kowa a lokaci ɗaya.

Kuskure na biyu shi ne mantawa da lokaci. Kayan da ya yi kama da gishiri a makon farko yana iya sauya hali bayan wata shida, in mutane suka gano mafita. Dubi tumatir a Mile 12. Da ya yi mummunar tsada a tsakiyar 2024, da farko an ci gaba da saye ana ƙorafi, daga baya gidaje suka karkata ga na gwangwani da na leda da busasshe. Gishiri kuma yana iya shekara a buhu, kwandon tumatir kwanakinsa ƙidayayyu ne. Wanda ya riƙe farashi a kan kayan gwari yana kwaikwayon mai gishiri, bola zai kai jarinsa.

Ya za ka gane ajin da kayanka yake? Littafi da biro kawai. Ka rubuta adadin abin da ka sayar mako biyu kafin ƙarin kuɗi da mako biyu bayansa, adadin kaya fa, ba kuɗi kaɗai ba. Amma ka kula kada ka gwada makon sallah da makon da ba sallah ba, ko ƙarshen wata da tsakiyarsa, don a nan ba farashi ne ya motsa cinikin ba. Haka ma in aljihun mutane ne ya bushe gaba ɗaya, ciniki zai ragu ko ba ka ƙara ko kwabo ba, kuma rage farashi ba lallai ya dawo da shi ba.

Abu na ƙarshe, kada a ɗauka mai shago ya yi arziki. Kuɗin cinikinsa ya ƙaru, amma sarin buhu da kuɗin mota su ma sun ƙaru, abin da ya tsira da shi kawai shi ne masu saye ba su gudu ba. Kuma wanda ke ɗaukar nauyin wannan ƙarin talaka ne, domin mai kuɗi yana iya fasa sayen jif ya zauna lafiya, mai iyali ba ya iya fasa cefane. Shi ya sa duk lokacin da na ji ana maganar sabon haraji ko ƙarin kuɗin fito, tambayar da nake fara yi ita ce: a kan kayan da ake iya haƙura da shi aka ɗora, ko a kan wanda ba makawa sai an saya?