Duka Ba Ya Hana Kare Ɓata Ɗaki

Da yawa daga cikinmu a nan Kudu muna hulɗa da karnuka, wani don tsaron shago ko gida, wani kuma mai gidan da yake yi wa gadi ne ya bar masa kulawar. Ƙorafin da aka fi ji shi ne na babban kare da aka tsinto a titi ko aka karɓo daga inda ake wulaƙanta shi, sai ga shi yana fitsari da kashi a cikin gida. Maganin da aka saba bayarwa shi ne bulala, ko a tura hancinsa cikin ƙazantar. Ni a ganina wannan ɓata lokaci ne, kuma zalunci ne.

Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi a cikin 'yan daƙiƙu. Idan ka dawo kasuwa ka doke shi kan fitsarin da ya yi tun da hantsi, abin da zai koya shi ne dawowarka abin tsoro ce. Idan kuma a kan yi ka doke shi, zai koyi kada ya yi a gabanka. Daga nan sai ya riƙa laɓewa bayan kujera, in ka fita da shi waje kuma ya ƙi yi saboda kana tsaye.

Kafin a fara horo, a kai shi wurin likitan dabbobi, don ba duk ɓatawa ce rashin tarbiyya ba. Fitsari kaɗan-kaɗan akai-akai, da yunƙuri ko jini, alama ce ta ciwon mafitsara. Zawo kan biyo bayan tsutsar ciki ko sauya abinci farat ɗaya. Karen da nauyinsa ya kai kilo 15, in yana shanye fiye da lita ɗaya da rabi a yini, wato ledar fiya wata uku, a binciki ƙodarsa da ciwon suga. A tafiyar kuma a yi masa allurar rigakafin haukan kare.

In lafiyarsa ƙalau, mu ɗauki misalin wannan kare mai kilo 15, ɗan shekara uku, da bai taɓa zaman ɗaki ba. Ƙarfe 6 na safe, yana tashi, a sa masa igiya a kai shi lungu guda a bayan gida, kullum wannan wurin. A tsaya shiru minti biyar zuwa goma. Da zarar ya gama, nan take a yaba masa a ba shi ɗan yankin nama. In aka bari sai an koma ciki, zai ɗauka ladan shiga gida ne. In bai yi ba, a mayar da shi keji ko a ɗaure igiyarsa kusa da kai, bayan minti 15 a sake gwadawa.

Abinci sau biyu, ƙarfe 7 na safe da 6 na yamma, a ɗauke kwanon bayan minti 20, sannan a fita da shi cikin rabin awa. Tsakanin haka, a makon farko, fita duk bayan awa biyu, ta ƙarshe kafin kwanciya. Yawan shinshina ƙasa da zagaye wuri guda na nufin a fita yanzu. In ya yi mako bai ɓata ba, a ƙara tazarar zuwa awa uku, sannan huɗu, a kuma buɗe masa ɗakuna ɗaya bayan ɗaya.

Keji yana aiki ne saboda kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma kada ya wuce awa huɗu a ciki da rana. Wanda ya girma a kulle cikin ƙazantarsa ya riga ya saba da ita, shi sai dai igiya da sa ido.

Inda ya ɓata, a tsane da tsumma, a wanke da ruwan ɗumi da garin sabulun wanki, a ɗauraye sosai. A guji abin goge ƙasa mai amoniya, don warinsa kama yake da na fitsari, zai ja shi ya koma wurin.

Wani zai ce wa ke da lokacin wannan hidimar, ga nema? Gaskiya ne, makonnin farko akwai wahala, wani karen ma sai ya kai wata biyu. Kuma ba dole ba ne kare ya shiga ɗaki. Mai kiyaye tsarkin wurin sallarsa sai ya yi masa rumfa a tsakar gida, ya bi wannan tsarin a can. Amma wanda ya san ba shi da mai taya shi fitar da kare da rana, gara ya miƙa shi ga mai hali tun kafin ya ɗauki bulala.

Allah ya sa mu dace.