Kafin ka sayar da laftof ɗinka saboda gem, buɗe Notepad tukuna



Daga Tudun Wada zuwa Pantami da Bolari, kukan matasanmu masu buga gem a kwamfuta ɗaya ne: hoto yana tsinkewa, maus ya yi nauyi, kai yana juyawa bayan rabin awa. Maganin da ake ba su ma kusan ɗaya ne, ko su sayar da laftof ɗin su ƙara kuɗi, ko su ƙona data wajen sauko da manhajar da aka ce tana ƙara gudu. Mu a ganinmu duka biyun gaggawa ce. Kafin a taɓa aljihu, a fara duba ɗan fayil ɗin rubutu da gem ke ajiye saitinsa a ciki. Sai dai a shiga da sani, domin wanda ya kwafo fayil ɗin wani dungurungum daga intanet yakan ɓata fiye da abin da ya gyara.

Bari mu ɗauki misali guda. Wani ɗalibi a unguwarmu yana da laftof ta hannu mai RAM 4GB, yana buga Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a Nuwamban 2011. Muna maganar na asali ne, ba Special Edition na 2016 ba. Saitinsa yana cikin `Documents\My Games\Skyrim`, a fayil biyu: `Skyrim.ini` da `SkyrimPrefs.ini`. Dukansu rubutu ne zalla, Notepad na buɗe su. Abu na farko da muka sa shi ya yi shi ne rufe gem ɗin, sannan ya kwafi fayilolin biyu ya ajiye a wani wuri. Wanda bai yi wannan ba, kada ya ci gaba.

Matsalarsa ta farko jiri ne. Faɗin gani shi ne yawan abin da gem ke nuna maka daga hagu zuwa dama, ana auna shi da digiri. Skyrim ya zo da 65, wanda ya dace da mai zama nesa da talabijin. Amma mai laftof hancinsa kusa da allo yake, sai ya ji kamar yana leƙe ta bututu, daga nan tashin zuciya ke farawa. Babu wurin canza wannan a jerin zaɓin gem ɗin. Sai ya ƙara layi biyu a `Skyrim.ini`, ƙarƙashin kan da ke can dama:

```
[Display]
fDefaultWorldFOV=80
fDefault1stPersonFOV=80
```

Da ya shiga tsohon wasan da ya ajiye, bai ga canji ba, har ya ce ƙarya muke yi. Dalili shi ne wasan da aka ajiye yana riƙe da tsohuwar lambar. Sai ya danna maɓallin `~`, ya rubuta `fov 80`, ya sake ajiyewa, abin ya zauna. Amma a sani, faɗin gani ba kyauta ba ne. Duk bishiya da dutsen da suka ƙaru a gefe, kwamfuta ce za ta zana su. In kuma aka zarce, a ce 110, gefen hoto zai miƙe, abin da ke gabanka ya ƙanƙance. Alamar ka wuce gona da iri ke nan.

Na biyu maus. A nan mutane ke haɗa abu biyu da suka bambanta. Akwai sulɓin maus, wato gem ya haɗa motsin hannunka na yanzu da na ɗan baya ya ɗauki tsaka-tsaki, don kada hoto ya yi karkarwa. Ladansa laushi, farashinsa jinkiri. Akwai kuma hanzarin maus, inda saurin hannunka ke canza nisan da za ka juya, ko da tazarar da maus ya yi a tebur ɗaya ce. Gwajinsa mai sauƙi ne: ja maus a hankali zuwa dama, ka dawo da shi da sauri inda ya taso. In ba ka dawo kan abin da kake kallo da farko ba, akwai hanzari. A gem da yawa da aka gina da Unreal Engine 4, ana kashe sulɓin a `Input.ini` da layin `bEnableMouseSmoothing=False` ƙarƙashin `[/Script/Engine.InputSettings]`.

A Skyrim kuwa, kowa zai ce maka ka mayar da `bMouseAcceleration` zuwa 0 a `SkyrimPrefs.ini`. Ɗalibinmu ya yi, nauyin bai tafi ba. Abin da ke riƙe hannunsa daban ne: gem ɗin yana jiran allo ya shirya kafin ya saki kowane hoto. Layin `iPresentInterval=0` a ƙarƙashin `[Display]` na `Skyrim.ini` ne ke cire wannan jiran. To ga tarkon. An gina motsin kayan cikin Skyrim a kan hoto 60 a daƙiƙa. In gudu ya haura haka, kamar a cikin ƙaramin ɗaki inda aikin zane kaɗan ne, sai ka ga kwanuka suna tashi da kansu, ruwa yana ƙyaftawa. Wanda ya ga haka, ya mayar da lambar zuwa 1, ko ya ƙayyade gudun a 60 daga saitin katin hotonsa.

Na uku ɓoyayyun zaɓin hoto. Ɗaya kawai muka taɓa masa, ciyawa, domin a fili ne laftof ɗin ke shaƙewa. A `Skyrim.ini`, ƙarƙashin `[Grass]`, lambar `iMinGrassSize` tana zuwa a 20. Abin mamaki, ƙara ta ne ke rage kaurin ciyawa. Ya sa 40, fili ya ɗan yi sanƙo, amma tafiya ta yi sauƙi. Akwai kuma wadda muka hana shi taɓawa, `uGridsToLoad`, mai zuwa a 5. Masu nuna bajinta kan kai ta 7 don a ga nesa tar. Bayan nauyin da take ƙarawa, wasan da aka ajiye a kan 7 yakan ƙi buɗewa in aka dawo da ita 5 haka kawai. Wahalar wata biyu na iya tafiya a layi ɗaya.

Shi ya sa muke adawa da kwafo fayil ɗin wani. Wanda ya haɗa shi kwamfutarsa daban ce, kuma ya canza layi hamsin lokaci guda. In abu ya lalace, wanne za ka zarga? Ƙa'idarmu ita ce layi ɗaya, gwaji ɗaya, a wuri ɗaya cikin gem. In ba ka ga canji ba, duba abu uku: ko ka sa layin a ƙarƙashin kan da ba nasa ba, ko ka gyara fayil ɗin da ke inda aka girka gem maimakon na `Documents`, ko Notepad ya maƙala `.txt` a ƙarshen sunan. In komai ya rikice, dawo da kwafin da ka ajiye.

Masu cewa wannan kwaskwarima ce kawai suna da tasu gaskiyar. Babu layin da zai mayar da tsohuwar laftof sabuwa. In a zafin Maris da Afrilu na Gombe gem ya fara lafiya sannan ya dinga ja bayan minti ashirin, matsalar zafi ce. A sauke ta daga katifa, a kai a share ƙurar fanka. Haka in ja ɗin ya zo daidai lokacin da aka ɗauke wuta, batir ne ya rage mata ƙarfi. A gem na gasa ta intanet kuma, cire ciyawa ko hayaƙi don ka hango abokin karawa ha'inci ne, kuma ana iya rufe maka asusu.

Ɗalibinmu dai bai sayar da laftof ɗinsa ba, jirin ya tafi, kuma kuɗin data na nan a aljihunsa. Wanda ya gwada a wani gem, ya faɗa mana layin da ya canza da abin da ya gani. Allah Ya sa mu dace.